Yaron Nan Ba Ɗan Ruwa Ba Ne

Jariri ya kai wata bakwai wuyansa bai tsaya ba, jikinsa yana sandarewa, sai ka ji an fara ƙus-ƙus a tsakar gida. Wata ta ce ɗan ruwa ne, wata ta ce uwar ce ta riƙa fita da magariba tana da ciki. Dangin miji kuwa sun riga sun yanke hukunci: "A danginsu ne, mu ba mu da irin wannan." Abin haushi, babu mai tuna cewa kafin suna idon yaron ya yi ɗorawa, aka ce shawara ce kawai, aka shanya shi a hantsi, aka ci gaba da shirin biki.

Shawarar jarirai idan ta yi tsanani takan taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Jariri zai ƙi kama nono, ya yi ta barci ko kuka mai tsini, yana banƙarewa. Daga baya sai a ga jiki ba ya biyayya, wani ma har jinsa ya tafi. Alhali da an danna goshinsa da yatsa a hasken rana an ga launin ɗorawa, an garzaya asibiti, shuɗiyar fitila ce za a sa shi a ƙarƙashinta. Ga kuma kafur da muke cusawa cikin kayan jarirai don ƙamshi, wanda ke farfasa jinin wasu yaran ya tayar da shawarar. Doguwar naƙuda da sanƙarau su ma suna jawo irin wannan lalura.

To, yaya za a yi da kakar da ta dage cewa iska ce? Kada ka ƙaryata ta a gaban surukarta, kada kuma ka kira ta jahila. Tsoro ne da ƙaunar jika suka sa ta neman dalili. Keɓe da ita, ka tambaya: "Hajiya, da aka haife shi ya yi kuka nan take? Kin tuna launin idonsa?" Sau da yawa ita da kanta za ta haɗa zancen. Wannan aikin uban yaro ne, domin shi ne za a saurara, amma maza da yawa sai su yi gum su bar matar da hawaye.

Kada a ce mata a daina addu'a. A ce a haɗa da magani, a kuma tafi da ita sashen gashin ƙashi, ta ga yadda ake motsa gaɓoɓi da zaunar da yaro, ta ga sauran iyaye a layi. Abu biyu dai ba a yi musu kawaici: turara wa yaro hayaƙi a cikin bargo, da ɗura masa jiƙo yana kwance. Irin waɗannan yara haɗiya na ba su wuya, ruwan yana iya zarcewa huhu.