Daƙiƙa Ɗaya a Cikin Kapasita

Idan mai gyaran rediyo ya haɗa baturi mai bolt 9 da resista mai om 10,000 da kapasita mai mikrofarad 100 a jere, kapasitar ba ta cika nan take. Da fari wutar kan kwarara da ƙarfi, sannan ta riƙa raguwa, domin cajin da ya taru yana tokare mai shigowa.

Saurin cikar yana ga lissafi guda: a ninka R da C. A nan amsar daƙiƙa ɗaya ce. Bayan wannan daƙiƙar mita za ta nuna kusan bolt 5.7, wato kashi 63 cikin ɗari na ƙarfin baturin. A daƙiƙa ta biyu sai 7.8. Ƙa'idar ita ce `V = V₀(1 − e^(−t/RC))`.

Bayan daƙiƙa biyar ta wuce kashi 99, kuma masu sana'a kan ce ta cika, ko da yake a lissafi saura ƙiris kullum. In kuwa mita ta cije a bolt 6, a zargi kapasitar da yoyo.