Na Biya, Amma Saƙon Makaranta Bai Daina Zuwa Ba

A farkon zango yara kan dawo gida da takarda a ninke cikin jaka, wani lokaci har da maiƙon abincin tara a gefenta. A makarantun kuɗi da dama, takardar nan daga ofishin shugaban makaranta tana ɗauke da sabon labari: an daina aiko yaro da saƙon baka, yanzu kwamfuta ce za ta riƙa tuna wa iyaye kuɗin makaranta ta saƙon tes.

Ma'ajin makaranta ne ke shigar da sunan ɗalibi, da lambar wayar mahaifinsa, da adadin kuɗi, da ranar ƙarshe ta biya. Daga nan saƙo zai riƙa fita da kansa, misali mako guda kafin ranar, sannan a ranar, har sai an rubuta cewa an biya. Alherin abin a fili yake, domin yaro ya huta da kunyar kiran sunansa a gaban 'yan aji kan bashin da ba shi ya ci ba.

Sai dai kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da ma'aji ya gaya mata. A ɗauki magidancin da ake bin sa naira 45,000. Ranar Juma'a bayan masallaci ya tsaya wurin mai POS na bakin layi, ya miƙa tsabar kuɗi, aka tura. Kuɗin sun shiga asusun makaranta, amma da sunan mai shagon, babu sunan yaro balle ajinsa. Ma'aji ya ga kuɗi, bai san na wa ba ne. Litinin da safe sai ga saƙo, wai har yanzu ana bin sa. Ransa ya ɓaci, kuma da gaskiyarsa. Maganin kuwa ɗan ƙarami ne: ya sa a rubuta sunan yaron da ajinsa a wurin bayanin turawa, ya kai rasit ofis. Rubutun rasit ɗin POS kan goge da zafi, gara a ɗauki hotonsa nan take.

Wasu iyayen kuma saƙon ba ya zuwar musu sam. Tun 2016 hukumar sadarwa ta NCC ta ware lambar 2442 don toshe saƙonnin talla, kuma toshewar kan haɗa da saƙon makaranta idan ta hanyar talla aka turo shi. Tura kalmar STATUS zuwa 2442 zai nuna ko layin a toshe yake.

Abin da ya fi damuwa shi ne 'yan damfara, masu kwaikwayon saƙon su sauya lambar asusu. Saboda haka wasiƙar kirki dole ta faɗi sunan da saƙon zai riƙa zuwa da shi, da asusun makaranta guda ɗaya, da lambar ma'aji. Duk saƙon da ya ce an canza asusu, ko ya nemi lambar sirri ta katin banki, uba ya ajiye wayar ya taka zuwa makarantar da ƙafarsa kafin ya tura ko kwabo.