Tilo Ko Jam'i? Kuskuren Turancin Da Ke Sulalewa Cikin Imel Ɗin Ofis

"The list of items requested by the three departments are attached." Jimla irin wannan tana yawo kullum a imel ɗin ma'aikatu, bankuna da jami'o'in Najeriya, kuma mutum goma za su iya karanta ta ba tare da ɗaya ya yi tuntuɓe ba. Amma akwai kuskure a cikinta. Abin da aka haɗo da saƙon jeri ne guda ɗaya, wato "list", don haka "is attached" ya kamata a rubuta. Wanda ya rubuta "are" ba jahilin Turanci ba ne. Kalmar "departments" ce ta zo masa dab da aikatau, kunnensa ya ji jam'i, yatsunsa suka bi kunnen.

Ƙa'idar ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO. Aikau, wato wanda jimla take magana a kansa, dole ya dace da aikatau: tilo da tilo, jam'i da jam'i. A gajeriyar jimla ba mai ɓata wannan. Matsalar tana kunno kai ne a rubutun ofis, inda ake cusa dogon bayani tsakanin aikau da aikatau: lambar fayil, sunayen sassa, ranar taro, wanda ya nema da wanda ya amince. Kafin marubuci ya kai ga aikatau, ya manta da kalmar da ya faro da ita.

Turawan ma haka suke yi. A 1991 masu bincike biyu, Kathryn Bock da Carol Miller, sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a kan masu jin Turanci tun daga haihuwa. Sukan ba mutum farkon jimla, kamar "The key to the cabinets", su ce ya ƙarasa da baki. Sun gano cewa kuskuren ya fi faruwa idan aikau tilo ne kuma sunan da ya biyo bayansa jam'i ne. Idan aka juya, aikau jam'i da sunan tilo a bayansa, ba a cika zamewa ba. Wannan ya nuna wa mai rubuta imel inda ramin yake: tilo a gaba, jam'i a tsakiya. Kalmomi irin su "list", "cost", "approval", "payment", "copy" da "summary" su ne suka fi faɗawa, domin kusan kullum "of" ko "for" na biye da su da tarin abubuwa.

Abin lura shi ne Bahaushe ba ya cika yin wannan kuskure a harshensa. Zai ce, "Jerin kayan da sassa uku suka nema yana tare da wannan saƙo." Duk da "sassa uku" da "suka" da suka gifta a tsakiya, "yana" ta koma kan jeri ba tare da ya yi wani tunani ba. Hausa tana ajiye wakilin suna gab da aikatau, shi ke riƙe da zaren. Turanci ba shi da wannan madogara, sai ɗan harafin "s" ko zaɓi tsakanin "is" da "are". Harafin kuma yana da nasa ruɗanin, domin a jikin suna yana nuna jam'i, a jikin aikatau kuwa yana nuna tilo: "the officer signs", amma "the officers sign".

Saboda haka dabara mafi sauƙi ga mai jin Hausa ita ce ya aro wa Turancin abin da Hausa ke yi. Ya cire duk bayanin da ke tsakiya, ya bar kalmar da take kan jimlar, sannan ya maye gurbinta da "it" ko "they". Babu wanda zai rubuta "it are attached". Nan take kuskuren zai fito fili.

Ga misalin saƙo irin wanda sakataren kwamiti kan tura bayan zama:

```
The cost of the repairs to the two vehicles have been approved. The committee has met and they have agreed that the Director, together with the unit heads, are to sign before Friday.
```

Jimlar farko ba ta da wahala. Me aka amince da shi? Kuɗin gyara, "cost". Gyare-gyaren da motocin biyu bayani ne kawai a kan kuɗin. A cire su, sai a ga "the cost have been approved", wanda kowa zai ji ya karkace. Gyaransa "has been approved".

Jimla ta biyu ita ce mai ƙaiƙayi, domin kurakurai iri biyu ne a cikinta. Na farko ya shafi "committee", ɗaya daga cikin sunayen da nahawun Hausa ke kira tattarau, wato kalma guda mai ɗauke da mutane da yawa: kwamiti, hukuma, tawaga, gwamnati. Hausa ma tana sassauci a nan, ana cewa "jama'a ta taru" ana kuma cewa "jama'a sun taru", ba mai ɗaga gira. Turancin Birtaniya haka yake: ana iya cewa "the committee has decided" idan ana kallon kwamitin a matsayin abu guda mai yanke hukunci, ana kuma iya cewa "the committee have taken their seats" idan mutanen cikinsa ake nufi ɗaya bayan ɗaya. Turancin Amurka ya fi karkata ga tilo a kusan kowane hali. Ke nan "has" da "have" duk suna da wurin zama. Abin da ba ya kyau shi ne a fara da "has" a ci gaba da "they have" a numfashi guda, kamar yadda sakataren ya yi. A rubutun ofis, inda galibi hukuncin kwamiti ake isarwa, tilo ya fi aminci: "The committee has met and has agreed". In kuwa lallai mutanen ake son a nuna, misali sun kasa daidaitawa, sai a fito da su fili a ce "members of the committee are divided". Da wannan an huta da gardama da Bature da Ba'amurke baki ɗaya.

Kuskure na biyu a jimlar shi ne wanda Hausa da kanta ke tura mutum cikinsa. Bahaushe zai ce, "Darakta tare da shugabannin sassa za su sa hannu," kuma daidai ne ƙwarai. Amma a Turancin rubutu "together with", "along with", "as well as" da "in addition to" ba sa tara aikau ya zama jam'i. Abin da suka kawo ƙari ne a gefe, aikau yana nan tilo: "the Director, together with the unit heads, is to sign". Kalmar "and" ce take haɗa biyu su zama jam'i.

A nan ne gyaran nahawu ke taɓa ainihin aiki. Jimlar da aka gyara daidai ce a ƙa'ida, sai dai tana ɗora nauyin sa hannu a kan Darakta, shugabannin sassa kuma kamar 'yan rakiya. Idan nufin kwamitin shi ne kowannensu sai ya sa hannu kafin a saki kuɗi, to jimlar da ta fi faɗin gaskiya ita ce "the Director and the unit heads are to sign". Mai gyara ya fara tambayar kansa abin da aka yanke a taron kafin ya taɓa aikatau. Ga yadda saƙon zai kasance:

```
The cost of the repairs to the two vehicles has been approved. The committee has agreed that the Director and the unit heads are to sign before Friday.
```

Ba duk tattarau ne ke karɓar zaɓi biyu ba. "Police" jam'i ce ko da yaushe: "the police are investigating". "Staff" a Turancin Birtaniya ta fi tafiya da jam'i, "staff are reminded", kuma ba a ƙara mata "s" don nuna ma'aikata da yawa, sai dai a ce "members of staff". Akwai kuma tagwaye biyu masu yawan rikita ma'aikatan kuɗi da na rajista. "A number of applicants have complained" jam'i ce, domin ma'anarta masu nema da dama. "The number of applicants has risen" tilo ce, domin adadin ake magana a kai, kuma adadi ɗaya ne. "Each of" da "one of" su ma tilo ne komai yawan abin da ya biyo su: "each of the branches has submitted".

Dabarar cire tsakiya tana da iyakarta, kuma ya kyautu a san ta. Wani lokaci aikatau ɗin da ke cikin bayanin tsakiya na sunan da ke kusa da shi ne, ba na kan jimla ba. Dubi "the box of files that was damaged" da "the box of files that were damaged". Duka biyun daidai ne, amma a ta farko akwatin ne ya lalace, a ta biyu fayilolin ne. Ma'ajin da ke rubuta rahoton ɓarnar ruwan sama, idan ya zaɓi wanda bai dace ba, ya ba shugabansa labarin da ba shi ne ya faru ba. Manhajar duba nahawu ta Word ko Outlook ba za ta cece shi a nan ba, domin ba ta san abin da ruwa ya jiƙa ba. Takan kama kuskure a gajeriyar jimla, amma idan tsakiyar ta yi tsawo tana iya wucewa shiru.

Abin sauƙin shi ne wuraren da ake zamewa ba su da yawa. Aikatau na shuɗaɗɗen lokaci kamar "submitted" ko "approved" ba ya sauya kama don tilo ko jam'i. Waɗanda ke sauyawa su ne "is" da "are", "was" da "were", "has" da "have", "does" da "do", sai aikatau na yanzu mai ɗaukar "s". Mai dogon saƙo zai iya danna `Ctrl+F` a Word ya nemi "are", "were" da "have" ɗaya bayan ɗaya, a kowane wuri ya tambayi kansa: su wa? Idan amsar ta zama abu guda, ya kama ɓarawonsa.

Idan kuma ya ga sai ya koma baya layi biyu kafin ya gano aikau, to matsalar ta wuce ta aikatau. Jimlar ce ta yi nauyi, kuma wanda zai karanta ta a waya, a tsakiyar wani taron, zai sha wahalar da marubucin ya sha. Gara a raba ta biyu: "Three departments requested items. The list is attached." Aikau ya dawo kusa da aikatau, babu sauran abin da zai shiga tsakani. Duk saƙon da zai je gaban shugaba, ko abokin ciniki, ko kwamitin ɗaukar ma'aikata, ya cancanci wannan dubawa ta minti ɗaya kafin a danna `Send`.