Ƙararrawar Tsaron Shago: Idan An Yanke Waya, Me Zai Faru?

Duk wanda zai haɗa ƙararrawar tsaro a shago ko a gida, akwai tambaya ɗaya da ya kamata ya yi wa kansa tun bai sayi ko ƙusa ba: idan wani ya sa filaya ya datse wayar nan, jiniya za ta yi kuka ko za ta yi shiru? Amsar tambayar nan ce take raba ƙararrawa ta gaskiya da abin wasan yara. Ɓarawo ba ya tsoron ƙara kamar yadda muke zato, domin ya san ƙara daga waya take zuwa, waya kuma tana yankuwa. Saboda haka dabarar duka ita ce a tsara abin ta yadda kowace ɓarna, ko yanke waya ce, ko buɗe akwati, ko ɗauke wuta, za ta tona wa kanta asiri.

Mu ɗauki shago mai ƙofa biyu, ta gaba ta ƙarfe, ta baya ta katako. Abubuwan da ake bukata ba su da yawa: na'urar jin motsin ƙofa guda biyu, akwatin sarrafawa, jiniya, batir da cajarsa, sai waya mai zare huɗu.

Na'urar ƙofa gida biyu ce. Ɗaya maganaɗisu ne da ake ɗaurewa a jikin ƙyaure. Ɗayan ƙaramin bututun gilashi ne da aka rufe ruf, a cikinsa akwai siraran ƙarafa biyu, shi kuma a jikin firam ake kafa shi. Masu aikin lantarki suna kiransa rid suwic. Walter Ellwood ne ya ƙirƙiro shi a ɗakunan bincike na kamfanin Bell a Amurka a 1936, har yau kuma bai canza sosai ba. Idan ƙofa tana rufe, maganaɗisu yana kusa, sai ƙarafan nan biyu su manne, wuta ta wuce. Da an buɗe ƙofa maganaɗisu ya yi nisa, sai su rabu, wuta ta tsaya. Akwatin sarrafawa ba abin da yake sauraro sai wannan tsayawar.

A lura da tsarin nan, domin ba haka kawai aka zaɓe shi ba. Ana iya yin akasinsa, wato wuta ta riƙa wucewa sai an buɗe ƙofa, kamar makunnin ƙwan cikin firji. To amma a irin wannan, wayar da aka yanke da ƙofar da ke rufe duk ɗaya suke a wurin akwati, kowacce shiru ce. Idan ɓera ya ci wayar a watan Janairu, mai shago ba zai sani ba sai ranar da aka yi masa sata. A tsarin da wuta ke zagayawa kullum kuwa, yanke waya daidai yake da buɗe ƙofa, jiniya za ta tashi nan take. Don haka a kasuwa a nemi wanda aka rubuta wa `NC` a kwalinsa.

Sai dai akwai ɓarawon da ya fi wannan wayo. Shi ba zai yanke ba. Da rana tsaka, ana cikin hada-hada, zai sami inda wayar ta bi, ya fere bawonta, ya haɗa zaren biyu da juna. Daga nan wuta za ta riƙa zagayawa ta wannan gajeriyar hanya, ko an cire ƙyauren gaba ɗaya akwati zai ci gaba da ganin lafiya lau. Maganin wannan ɗan ƙaramin abu ne da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, sunansa resista, aikinsa shi ne rage gudun wuta da wani adadi sananne.

Ga yadda ake yi. A sami resista biyu, kowanne mai om 4,700. Na farko a jera shi a kan hanyar wutar, dab da na'urar ƙofa. Na biyu a gicciya shi a kan ƙafafu biyu na na'urar, ta yadda idan ƙarafan ciki suka rabu wutar za ta bi ta cikinsa. Yanzu akwati ya daina tambayar ko akwai wuta ko babu, ya koma auna yawan turjiyar da ke kan layin. Idan ya ga om 4,700, ƙofa tana rufe. Idan ya ga 9,400, an buɗe ta, domin wutar ta ratsa resista biyun. Idan ya ga sifili, wani ya haɗe zaren. Idan kuma ya ga babu hanya sam, an yanke. Abu huɗu ke nan daga zare biyu kacal. Wanda yake haɗa akwatinsa da ƙaramin allo irin Arduino zai sa resista na uku mai om 4,700 tsakanin layin da bolt 5, sai ya karanta bolt 2.5 idan ƙofa na rufe, wajen 3.3 idan an buɗe, sifili idan an haɗe, 5 cif idan an yanke. A bar ɗan sarari sama da ƙasa da kowane adadi, domin doguwar waya da tsatsa a mahaɗa suna ƙara turjiya kaɗan.

A nan ne masu sa ƙararrawa da yawa suke cin amanar mai shago, abin kuma yana ɓata mini rai. Sai ka buɗe akwati ka tarar an ɗaure resistan a cikinsa, a bakin tasha, don ya fi sauƙi. Abin zai yi aiki ranar gwaji, kowa ya yi murna. Amma resistan da ke cikin akwati ba ya gadin komai, domin wayar da ta fita zuwa ƙofa ta zama ba mai kula da ita. Wurinsa ƙarshen layi ne, cikin murfin na'urar ƙofa ko manne da ita. Idan an gama maka aiki, ka ce a nuna maka inda aka sa shi.

Ƙofar ƙarfe tana da nata hali. Ƙarfe yana janye ƙarfin maganaɗisu, sai tazarar da na'urar ke ji ta ragu, wani lokaci har zuwa rabi. Ƙaramar na'ura ta roba tana aiki ne a tazarar santimita ɗaya zuwa biyu, to idan ta ragu kuma iska ta girgiza ƙyaure da tsakar dare, sai jiniya ta tashi ba dalili. A sayi babba wadda aka yi don ƙofofin ƙarfe, ko a sa ɗan katako ko roba tsakaninta da ƙarfen. Ta katako kuwa tana kumbura da damina, ta tsuke da hunturu, saboda haka kada a kafa na'urar a iyakar tazararta. A kafa ta a sama, ta ɓangaren da ƙofa ke buɗewa, nesa da hinji, kuma daga ciki. Kukan ƙarya ba ƙaramin laifi ba ne: jiniyar da ta tashi unguwa sau uku a banza, a karo na huɗu ba wanda zai leƙo.

Dole kuma akwati ya kasance mai riƙo. Idan ɓarawo ya shiga ya mayar da ƙofa, jiniya ba za ta yi shiru ba sai an kashe ta da makulli ko lambar sirri. A ba mai shago daƙiƙa 30 na fita da 30 na shiga a ƙofar gaba kaɗai, ta baya kuwa babu jira. Kukan ya tsaya da kansa bayan minti 15, amma wata ƙaramar fitila ta zauna a kunne don a san an taɓa.

Yanzu batir. Inda wuta take zama ana lissafin awa 12 ko 24. Mu da ake ɗauke mana wuta kwana biyu ba labari, gara mu lissafa awa 48. A ce akwati da fitilunsa suna shan miliamfiya 100 a zaune. A awa 48 sun sha amfiya-awa 4.8. Jiniya mai shan rabin amfiya, idan ta yi kuka sau biyu na minti 15, ta sha 0.25. Jimla 5.05. A ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda tsufa, an doshi 6.3. Ke nan batirin nan da aka saba gani a cikin ƙananan na'urorin ajiyar wuta na kwamfuta, mai rubutun `12V 7Ah`, ya isa, amma da ƙyar. Lissafin yana nuna wani abu da mutane ba sa zato: ba jiniya ce ke cinye batir ba, zaman jiran ne. Kowace ƙaramar fitilar ado da aka ƙara tana iya shan miliamfiya 10 zuwa 20 dare da rana. Idan aka rage shan zaune zuwa 50, batirin nan zai doshi kwana huɗu.

Cajar ta tsaya a bolt 13.6 zuwa 13.8, kada ta wuce, domin fiye da haka yana busar da batirin. Zafi ma yana kashe shi: duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage kusan rabin rayuwarsa. Akwatin da aka rataye ƙarƙashin kwano a watan Afrilu ba zai ba ka shekarun da aka rubuta a takarda ba. A nemi bango mai sanyi. Kuma mita kaɗai tana ruɗi, domin mataccen batir yana iya nuna bolt 13 muddin yana kan caja. Gwajin gaskiya shi ne a zare wutar gari, a tayar da jiniya na minti ɗaya, a auna yayin da take kuka. Idan ya faɗo ƙasa da bolt 11, kwanansa ya ƙare.

Saura gadin mai gadi. A ƙarƙashin murfin akwati ana sa ɗan makunni mai sifirin wanda murfin ke dannewa, wani kuma a bayansa yana dogare da bango. Haka ma a gidan jiniya. Da an kwance murfi ko an ɓamɓare akwati, layin ya buɗe. Shi wannan layi ba ya barci, ko ƙararrawar tana kashe da rana yana aiki, domin da rana ake shirya satar dare. Jiniyar waje kuwa, mafi kyau ita ce mai ɗan batirinta a ciki. Akwati yana aika mata wuta kullum, wadda take cajinta kuma take hana ta kuka. Da an yanke wayar, abin da ke riƙe bakinta ya tafi, sai ta fasa ihu da nata batirin. A sa wa layin jiniya fiyus nasa daban, don idan an haɗe zarensa kada ya kashe akwatin duka, a kuma sa wani fiyus dab da kan batir, domin batirin nan yana iya narkar da waya ya tayar da gobara. Ɓangaren wutar gari mai bolt 230 kuwa a bar wa ƙwararren mai wayarin.

Abin yana da iyaka, gara a faɗa. Na'urar ƙofa ba ta ganin wanda ya fasa bango ko ya ɗaga kwano, kuma wanda ya san daidai inda take yana iya ruɗinta da wani maganaɗisu mai ƙarfi daga waje, shi ya sa ake ɓoye ta. Jiniya kuma ba ta kama kowa, kira kawai take yi. Ka sanar da maƙwabta da mai gadin layi yadda kukanta yake da abin da za su yi idan sun ji.

Kafin ka biya mai aiki cikon kuɗinsa, ka tsaya a kansa ya buɗe kowace ƙofa, ya cire zare ɗaya, ya haɗe zaren biyu, ya kwance murfi, ya zare wutar gari, kana kallo da idonka abin da ƙararrawar ta yi a kowanne. Bayan nan kai ma ka riƙa maimaita gwajin ƙofa da na batir sau ɗaya a wata.