Buhu Nawa Aka Noma? Yadda Ake Ƙiyasta Jimilla Ta Hanyar Kasa Jama'a Rukuni-Rukuni

Da kaka ta yi, hukuma na son sanin yawan masarar da aka noma a ƙaramar hukuma, ɗan kasuwa ma haka, kuma babu mai kuɗi ko lokacin shiga kowane gida ya ƙirga buhuna. Sai a zaɓi wasu manoma ta hanyar ƙuri'a, a auna abin da suka samu, a ƙiyasta na sauran daga nan. Waɗanda aka zaɓa ɗin su ake kira samfuri. Abin da aikin zai haifar lamba biyu ne: jimillar da aka ƙiyasta, da kuma girman kuskuren da ke iya kasancewa a cikinta. Ta farko ce ke fitowa a labaran rediyo. Ta biyun kan tsaya a shafukan ƙarshe na rahoto, alhali ita ce ke nuna ko ta farkon abin dogaro ce.

Mu ɗauki misali na koyarwa, da alƙaluman da na tsara don su yi sauƙin bi. A ce akwai manoman masara 5,000 a wata ƙaramar hukuma. Daga cikinsu 4,000 ƙananan manoma ne, 900 matsakaita, 100 kuma manyan manoma masu tarakta. Kuɗin da ke hannu zai isa a ziyarci mutum 240 kacal.

Idan aka zuba sunayen duka a ƙwarya ɗaya aka zaro 240, manyan manoman da za su fito ba za su wuce biyar ko kusa da haka ba. Wata rana biyu ne za su fito, wata rana tara. Tunda babban manomi ɗaya na iya noma abin da ƙananan manoma talatin suka noma, ƙiyasin zai riƙa hawa da sauka gwargwadon sa'ar ƙuri'a. Maganin wannan shi ne a kasa manoman kashi uku tun kafin a fara, a yi wa kowane rukuni ƙuri'arsa dabam. Sharaɗin kawai, kowane manomi ya faɗa rukuni ɗaya tak, kuma a san adadin mutanen kowane rukuni. Haka manyan bincike ke yi. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya kasa kowace jiha cikin 36, da Abuja, zuwa birni da karkara, ya samu rukuni 74.

A namu misalin, an zaɓi mutum 100 daga ƙananan manoma, 90 daga matsakaita, 50 daga manya. Da aka auna, sai aka tarar ƙaramin manomi yana samun buhu 10 a matsakaicin lissafi, matsakaicin manomi buhu 40, babba kuma buhu 300.

Jimilla ba ta da wuya. A kowane rukuni, a ɗauki matsakaicin abin da aka samu sau adadin dukan mutanen rukunin. Ƙanana: 10 sau 4,000, buhu 40,000. Matsakaita: 40 sau 900, buhu 36,000. Manya: 300 sau 100, buhu 30,000. A haɗa, buhu 106,000. Ma'anarsa, kowane ƙaramin manomin da aka ziyarta yana wakiltar mutum 40, matsakaici yana wakiltar 10, babba kuma 2.

A nan ne wanda bai lura ba kan yi mummunan tuntuɓe. Ya haɗa buhunan mutum 240 ɗin gaba ɗaya, ya samu 19,600, ya raba da 240, ya ga kusan buhu 82 kowane mutum, ya ce sau 5,000. Amsarsa za ta haura buhu 400,000, kusan ninki huɗu na ƙiyasin daidai. Dalili kuwa, manyan manoma kashi 2 cikin ɗari ne na jama'a, amma sun haura kashi 20 cikin ɗari na samfurin, shi kuma ya ba kowa nauyi ɗaya. Duk wanda ya karɓi bayanan irin wannan bincike, abu na farko da zai nema shi ne mutum nawa kowane layi yake wakilta.

Saura tambaya ta biyu. Da an sake ƙuri'ar, wasu mutanen ne za su fito, jimillar kuma ba za ta zo 106,000 daidai ba. Yaya nisan da za ta iya yi? Ma'aunin wannan kai-komo shi masana ƙididdiga ke kira bariyans, kuma abin burgewa shi ne ana iya ƙiyasta shi daga samfuri ɗayan da ke hannu, ba sai an maimaita aikin ba.

Ana farawa da auna yadda manoman rukuni ɗaya suka sha bamban da juna. A ce manoma biyar sun samu buhu 4, 8, 10, 12 da 16. Matsakaicinsu 10 ne. Tazarar kowa daga 10 ita ce 6, 2, sifiri, 2 da 6. A ninka kowace tazara da kanta, a samu 36, 4, sifiri, 4 da 36, jimilla 80. Sai a raba da huɗu, wato adadin mutanen a cire ɗaya, a samu 20. Ana cire ɗayan ne saboda daga mutanen biyar ɗin aka fitar da matsakaicin, don haka sun fi kusa da shi fiye da yadda suke kusa da matsakaicin rukunin na gaskiya, kuma rabawa da biyar zai rage girman bambancin. Wannan ne ma ya sa rukunin da aka zaɓi mutum ɗaya kawai daga cikinsa ba ya ba da ƙiyasin bariyans ko kaɗan. Biyu ne mafi ƙaranci.

A ce da aka yi wannan lissafi a rukunanmu, an samu 25 ga ƙanana, 400 ga matsakaita, 10,000 ga manya. Wato tazarar da aka saba gani buhu 5 ce, da 20, da 100. Ga yadda ake rubuta ƙa'idar, inda N yake nufin adadin mutanen rukuni, n waɗanda aka zaɓa, s² kuma lambar bambancin da muka fitar:

```
V = N² × (1 − n/N) × s² / n
```

A rukunin ƙanana, 4,000 sau 4,000 miliyan 16 ne. Sau 25, a raba da 100, miliyan 4. Sai a rage gwargwadon kason da aka riga aka gani da ido: mutum 100 cikin 4,000 kashi 2.5 ne cikin ɗari, ya rage 3,900,000. Matsakaita za su ba da 3,600,000, a cire kashi 10 cikin ɗari, ya rage 3,240,000. Manya za su ba da 2,000,000, amma tunda an ziyarci rabinsu, sai a cire rabi, ya rage 1,000,000.

Wannan ragin yana da hujja mai sauƙin fahimta. Manomin da aka auna buhunansa ba ƙiyasta shi ake yi ba, an san nasa. Rashin tabbas yana wajen waɗanda ba a je wurinsu ba. Da an ziyarci manyan manoman 100 gaba ɗaya, bariyans ɗin rukuninsu sifiri zai zama. Shi ya sa a binciken masana'antu da manyan gonaki akan ɗauki mafiya girma dukansu ba tare da ƙuri'a ba.

Tunda ƙuri'ar kowane rukuni ba ruwanta da ta ɗan'uwansa, sai a haɗa lambobin uku kai tsaye: 8,140,000. Wannan lamba ba buhu take ƙirgawa ba, don an ninka tazara da kanta. Don a dawo ga buhu, sai a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 8,140,000, wato kusan 2,850. A riɓa ta biyu, kusan 5,700. Sai rahoto ya ce masarar da aka noma tana tsakanin buhu 100,300 da 111,700. Tazarar da aka gina ta wannan hanya kan ƙunshi jimillar gaskiya a kusan 95 cikin kowane bincike 100, muddin samfurin kowane rukuni yana da ɗan yawa.

A kula da tsarin: haɗawa ake fara yi, sannan a koma ga buhu. Wanda ya mayar da kowane rukuni buhu tukuna zai samu 1,975 da 1,800 da 1,000, ya haɗa ya ga 4,775, ya kumbura kuskuren. Ya ɗauka ke nan duka rukunan uku za su karkata gefe guda a lokaci guda, alhali sau da yawa in wannan ya yi sama, wancan ƙasa zai yi, su rage wa juna kaifi.

To, me kasawar ta amfana? Da an zaro mutum 240 ɗin daga ƙwarya ɗaya, da waɗannan alƙaluma, kuskuren zai kai kusan buhu 14,000 maimakon 2,850. Kuɗi ɗaya, ma'aikata ɗaya, amma kusan ninki biyar. Mafi yawan bambancin da ke tsakanin manoman nan tsakanin rukuni da rukuni yake, kasawar kuma ta fitar da shi daga hannun ƙuri'a. Da an kasa su bisa abin da bai shafi girman noma ba, kamar harafin farkon suna, ba abin da za a ci.

Rabon 100, 90 da 50 ma ba da ka aka yi shi ba. Masanin lissafi ɗan ƙasar Folan, Jerzy Neyman, ya nuna a 1934 cewa idan kuɗin ziyara ɗaya ne a ko'ina, rabo mafi kyau shi ne a bi adadin rukuni sau tazarar da ke cikinsa. A nan 4,000 sau 5, da 900 sau 20, da 100 sau 100 sun ba da 20,000, da 18,000, da 10,000. In an raba 240 bisa wannan, 100, 90 da 50 ne za su fito. Tazarar kuwa akan aro ta ne daga binciken bara ko wani ɗan gwaji na share fage.

Akwai abin da nake ganin ya kamata kowane rahoto ya faɗa ƙarara, domin yawancin ɓarna daga nan take shigowa. Buhu 5,700 ɗin nan kuskuren ƙuri'a kaɗai yake aunawa. Idan manoma sun rage abin da suka faɗa don tsoron haraji, ko manyan da suka fi kowa noma ne suka ƙi buɗe rumbu, ƙa'idar ba za ta ji a jikinta ba. Haka nan idan ƙauyuka aka zaɓa, sannan aka ɗauki maƙwabta da yawa a kowane ƙauye, wannan ƙa'ida za ta ba da kuskure ƙasa da na gaskiya, domin maƙwabta ruwan sama ɗaya da ƙasa ɗaya suka samu, amsoshinsu sun yi kama. Irin wannan tsari da nasa lissafin, wanda ke farawa daga bambancin ƙauye da ƙauye.

Mafi haɗari shi ne tsohon jerin sunaye. A ce ƙananan manoman sun kai 4,500 yanzu, amma takardar da aka yi aiki da ita ta shekarun baya ce mai 4,000. Manoma 500 sau buhu 10, buhu 5,000 ke nan sun ɓace daga jimilla, kusan daidai da dukan tazarar da rahoto ya bayar, kuma ƙara yawan samfuri ba zai dawo da su ba. Kafin a yi ƙuri'a, sai a ɗauki jerin zuwa wasu 'yan ƙauyuka, a zauna da mai unguwa da malamin gona a bi gida-gida. In an tarar da gidajen noma goma sha ɗaya a inda takarda ta ce goma, sabunta jerin ya zama dole kafin a kashe ko kwabo a kan auna buhuna.