Naira Goman Lemon Kwalba da Harajin da ke Hawa Kanta

Tun watan Yunin 2022, kowace litar lemo mai gas da sukari da aka sarrafa a Najeriya tana fita daga masana'anta da harajin naira 10 a kanta. Dokar Kuɗi ta 2021 ce ta zo da shi, Hukumar Kwastam kuma ke karɓa daga hannun kamfani. Mai saye ba ya ganinsa a rasit, domin tun kafin kaya su hau mota ya riga ya narke cikin farashi.

A nan ne ya haɗu da harajin sayen kaya, wanda ake rubuta VAT a rasit, aka kuma ɗaga shi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a Fabrairun 2020. Shi wannan ba ruwansa da lita. Kuɗin da aka sayar da kaya yake bi, kuma naira goman nan tana cikin kuɗin.

A ɗauki ƙunshin roba 12 masu rabin lita, wato lita 6 ke nan. A ce kamfani ya yi masa kuɗi naira 4,000. Harajin lita zai ɗora naira 60, ya koma 4,060, kuma a kan wannan jimlar ake lissafa kashi 7.5, ya ba da naira 304 da kwabo 50. Da babu harajin lita, naira 300 cif za a biya. Rarar naira 4 da kwabo 50 ɗin haraji ne a kan haraji, shi ya sa naira 10 ta kowace lita take isa ga mai sha a matsayin naira 10 da kwabo 75.

Bambancinsu ya fi fitowa a rumbun dila mai rajista. Idan ya ɗora ribar naira 200 ya sayar a 4,260, zai karɓi harajin saye na naira 319 da kwabo 50, ya cire 304 da kwabo 50 da ya biya kamfani, ya miƙa wa hukuma naira 15 kacal. Naira 60 ɗin kuwa babu inda zai cire ta. Ta zama cikin uwar kuɗinsa, sai dai ya tura ta gaba. Dilan da ya ɓatar da rasitin kamfani ya ɓatar da hujjar cirewar, kuma kowa ya san wanda zai biya asarar.

An kawo harajin ne da sunan rage shan sukari da samun kuɗin shiga, amma ƙayyade shi a kan lita ya rage masa kaifi. Robar rabin lita naira 5 take ɗauka, ko ana sayar da ita 150 ko 500. Idan kaya suka yi tsada, harajin saye yana tashi tare da su, na lita kuwa yana nan inda doka ta ajiye shi har sai an gyara ta.