Yadda ƙaramin jigo ke ɓata amsar kwamfuta

Injiniyan da ke lissafin ƙarfin gada yakan ba kwamfuta dubban layukan lissafi ta warware su a tare. Hanyar da take bi ta samo sunanta daga Carl Friedrich Gauss, Bajamushen da ya rasu a 1855. Ana ɗaukar lambar farko ta layin sama a matsayin jigo, a raba lambar da ke ƙarƙashinta da ita, a ninka layin sama da abin da aka samu, sannan a debe shi daga na ƙasa. Da haka x ke fita daga layin ƙasa.

A takarda babu matsala muddin jigon ba sifili ba ne. Amma kwamfuta ba ta riƙe lambobi duka. Takan ajiye kusan 16, ta daidaita sauran. Mu ƙaddara tamu uku kawai take riƙewa, aka ba ta wannan:

```
0.0001x + y = 1
x + y = 2
```

Amsar gaskiya ita ce x kusan 1.0001, y kusan 0.9999. Jigon shi ne 0.0001, don haka za a ninka layin sama da 10000. Bayan debewa, layin ƙasa ya zama −9999y = −9998. Da yake gurbi uku gare ta, sai ta mayar da kowannensu −10000, y ya fito 1. Har nan kamar lafiya lau. Amma da aka koma sama, 0.0001x = 1 − 1, sai x ya fito sifili!

Ɓarnar ta faru ne tun wajen debewa. Lambobin 1 da 2 na layin ƙasa sun narke cikin dubu goma, kamar cokalin gishiri a rijiya. Da 3 aka sa a madadin 2, amsar da za ta bayar ke nan, domin ta riga ta manta abin da layin ya ce.

Maganin shi ne, kafin kowane mataki a duba lambobin wannan jerin daga jigo zuwa ƙasa, a ɗauko layin da lambarsa ta fi girma, ba tare da kula da alamar debewa ba, a musanya shi da na sama. A nan x + y = 2 ne zai hau. Abin ninkawa ya koma 0.0001, y ya fito 1, x ma 1, daidai gwargwadon gurbi uku. Da wannan dabara abin ninkawa ba ya taɓa wuce 1, kuma ita `dgesv` na LAPACK ke amfani da ita.

Sai dai ba ta warkar da komai. Idan layukan da kansu sun kusa zama abu ɗaya, ƙaramin kuskure a ma'auni zai jirkita amsar komai kyawun musanyar. Duk da haka, mai karatu, in ka rubuta wannan lissafi da kanka, mayar da amsar cikin layukan asali ka gwada. A misalinmu 0 + 1 bai kai 2 ba, nan take asiri ya tonu.